Yadda Ake Rubuta Rahoton Kwamitin Tantance Masu Neman Kwangila

Rahoton kwamitin tantancewa yana da masu karatu biyu da ba kasafai ake tunawa da su ba ranar da ake rubuta shi: ɗan kwangilar da ya faɗi, da odita da zai buɗe fayil ɗin bayan shekara uku, lokacin da sakataren kwamitin ya koma wata ma'aikata, shugaban kuma ya yi ritaya. Babu ɗayansu da ya halarci zaman. Abin da ke gabansu takarda ce kawai. Don haka duk makin da aka rubuta a rahoton, dole mai karatu ya iya bin sawunsa zuwa wurare biyu: sharaɗin da ke cikin takardar neman tayi da hukuma ta raba, da shafin da ke cikin tayin kamfanin.

Bayanin nan ya ginu ne kan Dokar Sayen Kayayyakin Gwamnati ta 2007, wadda ta kafa BPP, hukumar da ke sa ido a kan sayayyar gwamnati, kuma take aiki a kan ma'aikatu da hukumomin tarayyar Najeriya. Jihohi suna da nasu dokokin, sai mutum ya duba ta jiharsa, amma ƙashin bayan aikin ɗaya ne. Ainihin rahoton da Turanci ake miƙa shi a ofis. Tsarinsa da hujjojinsa ne za mu bi a nan.

Za mu yi aiki da misali guda daga farko har ƙarshe. A ɗauka wata kwalejin tarayya tana son sayen teburan ɗalibai masu haɗe da benci guda 600, ƙafafu na ƙarfe, sama na katako. Kiyasin kwalejin naira 54,000,000 ne, har da kuɗin dako da harajin VAT. Kamfanoni shida suka kawo tayi, za mu kira su A, B, C, D, E da F. An nemi kowa ya kawo ambulan biyu, ɗaya na bayanin ƙwarewa da takardu, ɗaya na farashi.

Kafin a taɓa ambulan kowa

A zaman farko ba a duba tayi. Takardar neman tayi ake ɗaukowa, a karanta sashen da ya bayyana yadda za a tantance, sakatare ya kwafe sharuɗɗan kalma da kalma zuwa takardar ba da maki. Dokar ta hana amfani da wata hanya ko wani ma'auni da ba a faɗa wa masu nema ba tun farko. Idan takardar ba ta ce sai kamfani yana da ofis a jihar ba, kwamiti ba shi da ikon rage wa kowa maki don ofishinsa yana Legas, ko da kuwa kowa a ɗakin yana ganin hakan ya fi dacewa.

A wannan zaman ne kuma kowane ɗan kwamiti zai ga jerin sunayen kamfanoni da daraktocinsu, ya sa hannu cewa ba shi da alaƙa da ko ɗaya. Wanda surukinsa ko abokin kasuwancinsa yake ciki ya faɗa, ya fita, a rubuta cewa ya fita da wanda ya maye gurbinsa. Babu abin kunya a nan, garuruwanmu kowa ɗan'uwan kowa ne. Abin kunyar shi ne kamfanin da ya faɗi ya zama shi ya tono zancen a takardar ƙorafi.

Shafukan farko na rahoton tarihi ne, a gajarce: sunan aikin da lambarsa, inda kuɗin yake a kasafi, ranar da talla ta fito da jaridun da ta fito, ranar rufewa da lokaci, ranar buɗewa, da waɗanda suka shaida buɗewar. Dokar ta ce a gayyaci masu sa ido biyu, ɗaya daga ƙungiyar ƙwararru, ɗaya daga ƙungiya mai zaman kanta, sai a haɗa da kwafin wasiƙar gayyata da rajistar halarta. A rubuta ranar da wa'adin tayi zai ƙare. Idan takarda ta ce tayi zai tsaya kwana 90, kwamitin kuma ya ja ƙafa har ya kusa cika, sai an nemi ƙarin wa'adi a rubuce daga dukkan waɗanda suka rage, in ba haka ba a wayi gari an zaɓi farashin da mai shi ba ya ɗaure da shi.

Matakin takardu: akwai ko babu

Nan ba maki ake bayarwa ba. Jadawali ne, kamfanoni a gefe, takardun da talla ta nema a sama: satifiket ɗin rajista na CAC, shaidar biyan haraji ta shekara uku, satifiket ɗin hukumar fansho ta PenCom, na asusun horar da ma'aikata na ITF, na asusun inshorar ma'aikata na NSITF, shaidar rajista da BPP, da takardar rantsuwa ta kotu. A kowane gurbi a rubuta "akwai" ko "babu", a ƙara lambar shafi.

A misalinmu biyu suka faɗi a nan. Kamfani A ya kawo shaidar haraji da wa'adinta ya ƙare tun shekarar da ta gabata. Kamfani F bai sa satifiket ɗin PenCom ba sam. Yawancin rahotanni a nan suke lalacewa, domin sai a rubuta "bai cika sharuɗɗa ba" a wuce. Wannan jimla ba ta kare kowa. Abin da ake so shi ne: "An cire Kamfani A saboda shaidar biyan harajin da ke shafi na 14 na tayinsa ta daina aiki kafin ranar rufe karɓar tayi, saɓanin sharaɗi na 3 na tallar." Duk wanda ya karanta zai iya buɗe shafi na 14 ya gani da idonsa.

Inda hankali yake shiga shi ne rarrabe babban kuskure da ƙarami. Dokar ta lissafa wasu manya, kamar tayin da ba a sa wa hannu ba, ko wanda ya iso bayan lokaci, ko kamfanin da bai cancanci shiga ba. Waɗannan korar su ake yi, a rubuta wa mai su wasiƙa da dalili, kuma ba a ba shi damar gyarawa. Ƙananan kuwa ba sa kashe tayi. Kamfani E an nemi kwafi biyu ya kawo ɗaya. Wannan bai canza farashi ba, bai canza kayan ba, bai ba shi fifiko a kan kowa ba, don haka kwamiti ya bar shi ya wuce. Amma a rubuta cewa an gani, an tattauna, an yafe, ga dalili. Tambayar da ke taimakawa ita ce: in aka yafe masa, an zalunci wanda ya bi ƙa'ida? Kuma duk sassaucin da aka yi wa ɗaya, a yi wa duk mai irin matsalarsa. Ba abin da ke saurin fallasa kwamiti kamar a kori wani saboda abin da aka kau da kai a kansa a tayin wani.

Kwamiti yana iya neman ƙarin bayani daga kamfani, a rubuce, ta hannun sakatare, a sa tambayar da amsar a fayil. Amma ƙarin bayani ba ƙofar baya ba ce. A tambayi wane shafi ne yake nuna kaurin ƙarfe, halal ne. A kira Kamfani F a waya a ce ya turo satifiket ɗin da ya manta, wannan gyaran tayi ne bayan rufewa.

Ba da maki

Kamfanoni huɗu suka rage: B, C, D da E. Takardar neman tayin ta raba maki 100 haka: dacewar samfurin teburi da abin da aka nema 40, gogewa a irin wannan aiki 25, injina da ma'aikata 15, ƙarfin jari 10, lokacin kawo kaya da garanti 10. Ta kuma ce wanda bai kai 70 ba, ba za a buɗe ambulan farashinsa ba.

Kowane ɗan kwamiti yana cika takardarsa shi kaɗai, ya sa hannu da kwanan wata, kafin a haɗu a kwatanta. Dalili a fili yake: in aka fara da muhawara, babban da ke ɗakin yana faɗin ra'ayinsa, sai ƙananan ma'aikata su bi, a ƙare da takardu biyar masu lamba iri ɗaya sak. Odita yana ganin haka ya san mutum ɗaya ne ya yi aikin. Waɗannan takardun na ɗaiɗaiku ba a yar da su bayan an fitar da jimla, ana maƙala su a bayan rahoton.

Ma'auni iri biyu ne, kuma ba a yi musu hukunci ɗaya. Akwai wanda ƙirge ne kawai. Gogewa, alal misali: takarda ta ce maki 5 ga kowane aiki makamancin wannan, har zuwa aiki biyar, muddin an kawo wasiƙar ba da kwangila tare da takardar shaidar kammalawa. Kamfani D ya jera ayyuka biyar. Mutum huɗu suka ba shi 15, ɗaya ya ba shi 25. Kuskure ne a haɗa a raba a ce 17, domin lambar 17 ba ta yiwuwa a ma'aunin da yake tafiya biyar-biyar. Sai a buɗe tayin tare. Aka duba aka ga biyu daga cikin ayyukan wasiƙar bayarwa kawai suke da ita, babu shaidar an gama. Makin 15 ne. Wanda ya ba da 25 ya ja layi ɗaya a kan lambarsa, ya rubuta sabuwa a gefe, ya sa hannu. Kada a goge, kada a shafa farin ruwan gyara, kada a sake sabuwar takarda. Gyaran da ake gani ya fi tsabtar da ake zargi.

Akwai kuma ma'aunin da ido da ƙwarewa suke yanke shi, kamar kyan walda da fenti. Nan mutum biyar suna iya bambanta da gaskiya, wani 7, wani 8, kuma matsakaici ya halatta. Amma in ɗaya ya ba da 2 sauran suna kan 8, a tambaye shi abin da ya gani, a rubuta amsarsa. Wataƙila shi kaɗai ne ya kifa teburin ya duba ƙarƙashi.

Samfurin Kamfani B ya nuna amfanin awo. An nemi bututun ƙarfe mai kaurin milimita 1.5. A takarda B ya rubuta 1.5. Da injiniyan kwamiti ya cire robar da ke toshe ƙafar teburin ya sa ma'aunin kauri, sai ga 1.0. Daga waje ba a ganewa, fenti ya rufe komai, sai dai in an ɗaga a ji rashin nauyi, ko bayan zango biyu ƙafafu su fara lanƙwashewa. B ya rasa maki 20 da aka ware wa kaurin ƙarfe, ya tashi da 64. A rahoton a rubuta wanda ya auna, da abin da ya auna da shi, da wurare nawa a jikin teburin, da cewa haka aka auna samfurin kowa. A ɗauki hoto, a manna wa samfurin lamba, a kulle shi a sito. Ranar da B ya yi ƙorafi, teburin ne babban shaida.

Sakamako: C 88, E 81, D 76, B 64. Uku sun haye. Ambulan farashin A, B da F ana mayar musu a rufe, kuma a rubuta hakan.

Farashin da aka karanta da farashin da aka tantance

Ranar buɗe farashi an karanta a gaban kowa: D naira 50,095,000, E naira 51,600,000, C naira 55,255,000 tare da wasiƙar ragin naira 1,400,000 da aka karanta a wurin. Wakilin D ya fita yana murmushi, kuma kafin la'asar gari ya ɗauka cewa D ne ya ci. Sai dai abin da aka karanta ba shi ne abin da ake kwatantawa ba.

Akantan kwamiti yana bin kowane layi da kalkuleta. D ya sa kowane teburi a kan 79,000. Sau 600 ya kama 47,400,000, amma shi ya rubuta 45,400,000. Ƙa'idar da aka saba sawa a takardun neman tayi ita ce farashin guda ɗaya ne yake rinjaye a kan jimla, abin da aka rubuta da kalmomi kuma yana rinjaye a kan alƙaluma. A duba takardar a tabbatar haka ta ce, a ambaci sashen. Da aka gyara, aka ƙara dakonsa na 1,200,000, ya zama 48,600,000. A nan ake yawan mantawa da abu ɗaya: harajin VAT na kashi 7.5 shi ma sai an sake lissafa shi a kan sabuwar jimla. Ya tashi daga 3,495,000 zuwa 3,645,000. Farashin D na gaskiya 52,245,000 ne. Ana rubuta masa wasiƙa a sanar da shi gyaran. In ya ƙi amincewa, tayinsa ya faɗi.

Ragin C, wanda aka cire kafin a ɗora VAT, ana lissafa shi saboda yana cikin ambulan kuma an karanta shi a bainar jama'a, ba shi da wani sharaɗi. Da washegari ya aiko da shi, ko kallonsa ba za a yi ba. Lissafin E daidai yake.

| Kamfani | Maki | Da aka karanta | Kafin VAT, bayan gyara | Da aka tantance |
|---|---|---|---|---|
| E | 81 | 51,600,000 | 48,000,000 | 51,600,000 |
| D | 76 | 50,095,000 | 48,600,000 | 52,245,000 |
| C | 88 | 55,255,000 | 50,000,000 | 53,750,000 |

Yanzu ga gardamar da take tashi a kusan kowane irin wannan zama. Wani zai ce araha ba ta ado, C ne ya fi kowa maki, teburinsa ya fi kyau, kuma farashinsa bai wuce kiyasin kwalejin ba, me zai hana a ba shi? Magana ce mai shiga kunne, amma kwamiti ba shi da wannan zaɓin. Takardar ta ce maki 70 ƙofa ce. Wanda ya shiga da 71 da wanda ya shiga da 95 duk sun shiga, daga nan farashi ne alƙali. Abin da dokar ta tanada kan kayayyaki da gine-gine ke nan: wanda ya cika sharuɗɗa kuma farashinsa da aka tantance ya fi sauƙi.

Yana da kyau a ga abin da zai faru da an yi amfani da wata hanya. A aikin masu ba da shawara na ƙwararru akan haɗa makin ƙwarewa da na farashi. A ce ƙwarewa kashi 70, farashi kashi 30:

```
jimla = (maki × 0.7) + (30 × mafi ƙarancin farashi ÷ farashin kamfani)
C = 61.6 + 28.8 = 90.4
E = 56.7 + 30.0 = 86.7
```

Tayi bai canza ba, mutane ba su canza ba, amma C ya ci. Tun da zaɓen hanya kaɗai yana iya sauya wanda ya yi nasara, duk kwamitin da ya zaɓi hanya bayan ya ga alƙaluma, kamfani ya zaɓa. In kwalejin tana son teburi irin na C, wurin faɗa shi ne lokacin rubuta bayanin kayan, kafin talla ta fita.

Bincike na ƙarshe

Kafin a rubuta sunan E, a tabbatar da shi. A rubuta wa hukumomin da suka ba da satifiket ɗinsa ko a duba ta shafukansu, a tuntuɓi ɗaya ko biyu daga wuraren da ya ce ya yi wa aiki, a duba ko BPP ba ta haramta masa neman kwangila ba. Mutum biyu ko uku su je masana'antarsa su ƙirga injinan walda da na yankan katako da ya lissafa, su ga ko wurin zai iya fitar da teburi 600 cikin makonnin da ya alkawarta. Su dawo da rahoto mai kwanan wata da hotuna. In aka je aka tarar da shago ɗaya da kwaɗo a ƙofa, a rubuta, a koma kan D a yi masa irin wannan binciken.

A kuma gwada farashin da kiyasi. E yana ƙasa da 54,000,000 da naira 2,400,000, tazarar da ba ta tayar da hankali. Da a ce ya zo da 30,000,000, sai a nemi ya warware a rubuce nawa zai sayi ƙarfe, nawa katako, nawa ladan aiki, domin mai irin wannan farashi yakan gudu a tsakiyar aiki ko ya rage kaurin ƙarfen da aka kori B a kansa.

Sakin layin shawara

Wannan ne kowa yake fara karantawa, kuma ya kamata ya iya tsayawa shi kaɗai. Ga yadda zai kasance:

"Kwamiti yana ba da shawarar a ba Kamfani E kwangilar samar da teburan ɗalibai 600 a kan naira 51,600,000, har da dako da harajin VAT, a kawo cikin mako goma, da garantin shekara ɗaya. E ya cika dukkan sharuɗɗan cancanta, ya sami maki 81 inda ake buƙatar 70, kuma farashinsa ne mafi ƙaranci bayan tantancewa. Kamfani D, wanda farashinsa ya fi sauƙi ranar buɗewa, ya koma 52,245,000 bayan gyaran kuskuren lissafi, wato ya ɗara na E da naira 645,000. Kamfani C ya fi kowa maki, amma bisa sashen tantancewa na takardar neman tayi, maki na tsallake mataki ne kawai. Binciken da aka yi a masana'antar E ya tabbatar da abin da ya rubuta."

Adadin kuɗin a rubuta shi da alƙaluma da kalmomi. Babu buƙatar a ce kamfanin "sananne ne" ko "amintacce ne". Irin wannan yabo ba ya cikin ma'auni, sai ma ya sa a fara tambayar wa ya san shi, kuma daga ina. Lura kuma da cewa jimloli biyu cikin biyar kan waɗanda ba a zaɓa ba suke magana, domin su ne za su yi tambaya.

In wani ɗan kwamiti bai gamsu ba, kada ya ƙi sa hannu ya tafi gida yana gunaguni, kada kuma a matsa masa ya yi shiru. Ya rubuta saɓaninsa da dalili, a maƙala, ya sa hannu a kan cewa ya halarta. Kowa ya sa hannu a shafin ƙarshe, ya kuma sa gajeren hannu a kowane shafi, musamman shafin jadawalin farashi, wanda shi ne mai sauƙin musanyawa tsakanin ofis da ofis.

Kwamitin tantancewa shawara yake bayarwa. Amincewa tana hannun kwamitin ba da kwangila na hukumar, kuma in kuɗin ya wuce iyakar da aka gindaya masa, sai an sami takarda daga BPP mai nuna ba ta da ja a kan ba da kwangilar. Kafin nan babu ɗan kwamitin da zai kira E ya taya shi murna. Kamfanin da bai gamsu ba yana da kwanakin aiki 15 daga ranar da ya san abin da yake ƙorafi a kai ya rubuta wa shugaban hukumar, daga nan yana iya wucewa BPP, daga BPP zuwa Babbar Kotun Tarayya. Dokar kuma ta ce a adana takardun sayayya na aƙalla shekara 10. Saboda haka sakatare ya haɗa fayil ɗin tun ranar sa hannu: rahoton, takardun maki na ɗaiɗaiku, rajistar buɗewa, wasiƙun neman bayani da amsoshinsu, wasiƙar gyaran lissafin D, hotunan awon samfuri, da rahoton ziyara. Ya sa wa shafukan lamba a jere, ya ɗauki kwafin komai a na'ura, sannan ya miƙa asalin, wanda ya karɓa ya sa hannu a littafin aika wasiƙu.